Yadda za ki tura hotunan kaya da yawa tare da bayaninsu ba tare da sun cakuɗe ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi daga gida a Ƙofar Ƙaura, cikin Katsina. Nakan tura wa kwastomomi hotuna goma ko fiye a WhatsApp, in biyo da rubutu in ce na farko kuɗinsa kaza, na biyu kaza. Sau biyu ke nan ana ce mini "na ukun nake so", in aika kaya har Daura, a ce ba shi ba ne. Don Allah yaya zan jera hotuna da rubutu a saƙo ɗaya don kada a riƙa rikita su?

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa wa kasuwa albarka. Aikina ɗaukar hoton kaya ne da shirya shi ga 'yan kasuwa masu sayarwa ta waya, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne ki daina kiran hoto da matsayinsa a layi. "Na farko", "na uku", "na ƙarshe", duk ba sunayen hoto ba ne, wurin da ya tsaya ne a wayarki a wannan lokacin, kuma wurin yana canzawa da zarar hoton ya bar hannunki. Kowane kaya yana buƙatar lambarsa ta kansa, lambar kuma ta kasance a cikin hoton, a jikinsa, yadda duk inda hoton ya je da ita zai je. Direban da kike ba saƙo a tasha ba ya karɓar bayanin "nawa ne na uku daga ƙofa", domin ya san za a sauke wasu kaya a ɗora wasu a hanya. Suna da lambar waya yake so a rubuta a jikin ƙunshin. Haka hoto yake.

Bari in nuna miki dalilin da ya sa layin yake wargajewa, don in kin gane shi, sauran bayanin zai zo miki da sauƙi.

Idan kika zaɓi hotuna goma kika danna aikawa sau ɗaya, a idonki saƙo ɗaya kika tura. A wurin WhatsApp kuwa saƙonni goma ne, kowanne yana tafiya da ƙafarsa. In sabis yana da ƙarfi, sukan isa a jere. In kuwa yana ɗaukewa yana dawowa, wani hoton zai iya maƙalewa a hanya, 'yan'uwansa su wuce, shi ya iso daga baya bayan kin sake danna shi. A wayarki yana nan a gurbinsa na uku, amma a wayar mai saye ya koma ƙarshe, ko kuma bai iso ba sam a lokacin da take ƙirgawa. Na huɗunki ya zama na ukunta ke nan, kuma babu wadda ta yi ƙarya a cikinku.

Sannan idan hotuna huɗu ko fiye suka zo a jere, WhatsApp yakan dunƙule su wuri ɗaya, ya nuna huɗu a murabba'i, biyu sama biyu ƙasa, ya rubuta +6 ko makamancin haka a kan na ƙarshe don nuna sauran da ke ɓoye. A wannan murabba'in, wanne ne na biyu? Wata za ta ƙirga zuwa dama, wata za ta gangara ƙasa, wadda kuma idonta ya saba da karatun allo tana iya farawa daga hannun dama. Uku ne suka kalli abu ɗaya, kowacce da nata na biyun.

Babbar matsalar ma ba a cikin hirar take ba, a ma'ajiyar hotunan waya take. Mata da yawa ba sa zaɓen kaya a cikin WhatsApp. Sukan sauke hotunan, su buɗe wurin da wayar ke tara hotuna, su miƙa wa yaya ko ƙawa ko maigida su duba tare. A can babu rubutun da kika yi, ko harafi ɗaya ba ya bin hoton zuwa can. Jerin kuma yawanci a juye yake, sabon da ya shigo shi ne a sama, wato na ƙarshenki ya zama na farko. In kuma mai sayen ta hana wayarta sauke hoto da kanta don tattalin data, da hannu take danna kowanne, kuma ba lallai ta bi layi ba, wanda ya fi jan idonta shi za ta fara saukewa. Kada ma ki dogara da sunan da wayar ke ba hoton. A wayoyin Android irin wannan suna ne:

```
IMG-20240312-WA0007.jpg
```

Lambar farko kwanan wata ce, ta ƙarshen kuma ƙirgan wayar ne na hotunan da suka ratsa ta a ranar. Hoto ɗaya zai iya zama na 7 a wayarki, ya zama na 31 a tata.

To yanzu ga aikin. Ki sami farar takarda mai ɗan kauri, ko bayan kwali, ki yanka ta kamar faɗin tafin hannu. Ki rubuta lamba da baƙar maka mai kauri, manya-manya, ki ɗora a kusurwar turmin kafin ki ɗauki hoton. Na fi son wannan hanya a kan kowace, saboda dalili guda: lambar tana kan kayan a zahiri, ba a hoto kaɗai ba. Bayan kin ɗauka, ki maƙale takardar a jikin ledar turmin ko ki cusa ta cikin ninkinsa. Ranar da aka ce miki "44 nake so", ba sai kin riƙe waya kina gwada zane da hoto ba, ki ɗauko wanda takardar 44 ke jikinsa kawai. Rabin kuskuren da ake yi ba wajen mai saye yake faruwa ba, a ɗakin mai sayarwa yake faruwa, lokacin da take neman kayan da ya yi kama da hoton a cikin turame talatin, da daddare, a hasken fitila.

Ki kula da rubutun lambar. 6 da 9 suna rikiɗewa in hoton ya juya, don haka ki ja layi a ƙarƙashin kowace lamba. 1 da 7 ma sukan yi kama a rubutun hannu, ki gitta wa 7 ɗan layi a tsakiya. Takardar kada ta yi ƙanƙanta, domin WhatsApp yana matse hoto yana rage masa kaifi, kuma mai sayen tana iya fara ganinsa a ɗan ƙaramin murabba'in nan. Ma'aunina shi ne, in ba za a iya karanta lambar ba tare da buɗe hoton ba, ta yi ƙanƙanta.

In hotunan tun farko ba ke kika ɗauka ba, misali dilanki na Kantin Kwari ne ya turo miki su daga Kano kafin kayan su iso, to ki rubuta lambar a kan hoton da waya. Bayan kin zaɓi hoto a WhatsApp, kafin ki aika, akwai alamomi a sama. Ki danna harafin T, ki rubuta lambar, ki ja ta da yatsa zuwa kusurwa, ki buɗa ta da yatsu biyu ta ƙara girma. Ki zaɓi launin da zai fito a kan zanen, ko ki sa mata bango a bayanta, domin farar lamba a kan farin leshi ɓacewa take yi. Wannan rubutun, saɓanin wanda ake yi a ƙarƙashin hoto, yana narkewa cikin hoton ne, ya zama ɓangarensa. Ko an sauke, ko an tura wa wani, ko an ɗauki hoton fuskar waya, yana nan.

Abu na biyu game da lamba, kuma shi ne wanda aka fi sakaci da shi: kada ki sake farawa daga 1 a kowace turawa. In kin tura kaya bakwai ranar Litinin da lamba 1 zuwa 7, kika tura wasu ranar Alhamis da 1 zuwa 5, to a hirarku akwai lamba 3 guda biyu. Ranar Asabar mai saye za ta ce 3 take so, ke ki ɗauka na Alhamis, ita kuwa na Litinin ne ya kwana a ranta. Ki ci gaba da ƙirga kawai. In na ƙarshe 40 ne, sabon kaya ya fara daga 41. Lambar da kayanta ya ƙare ta mutu ke nan, kada ki ɗora ta a kan wani zane, domin tsohon hoton yana nan a wayoyin mutane, wata za ta iya tono shi bayan wata biyu. Ƙaramin littafi ya isa wannan aiki: lamba, irin kaya, nawa kika saro, nawa ya rage.

Lambar ta kaya ce, ba ta hoto ba. Wannan bambanci yana da amfani sosai. Leshi yakan buƙaci hoto biyu, ɗaya a shimfiɗe a ga tsarinsa gaba ɗaya, ɗaya daga kusa a ga aikin dutse ko saƙar. In kika ba su 46 da 47, mai saye za ta ɗauka kaya biyu ne, har ta tambaye ki kuɗin kowanne. Ki kira su 46A da 46B. Duk wanda ya gani ya san abu ɗaya ne aka nuna ta fuska biyu. Amma zane ɗaya mai launi uku, wannan kaya uku ne, kowanne da lambarsa, tunda kowanne daban ake sayensa. Kuma ki guji tara turame biyar a hoto ɗaya ki ce "na sama", "na tsakiya". In kina so a gwada launuka gefe da gefe, babu laifi ki haɗa su a hoto guda, amma kowanne da takardarsa a kai.

Kuɗi kuwa kada ki rubuta shi a cikin hoton. Farashi yana motsi, hoto kuma ba ya motsi. Hoton da kika rubuta wa kuɗi yau zai ci gaba da yawo a wayoyi bayan kaya sun tashi a kasuwa, wata ta zo miki da shi ta ce ai ga abin da kika rubuta da hannunki. Abin da ba ya canzawa, wato lamba, shi ke shiga cikin hoto. Abin da ke canzawa, wato kuɗi da adadin da ya rage, a rubutu yake zama.

Rubutun kuma gida biyu ne. Akwai ɗan gajeren bayani da ke manne a ƙarƙashin kowane hoto, akwai kuma saƙo guda da ke tattara komai. Idan kin zaɓi hotunanki, kafin aikawa za ki ga ɗaya ya cika fuskar wayar, sauran suna jere ƙanana a ƙasa, da wurin rubutu mai cewa Add a caption. A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Sukan rubuta dukan bayanin kaya goma a wannan wuri, bayanin ya manne wa hoto ɗaya, sauran tara su tafi tsirara. Ki danna ƙaramin hoton farko, ki rubuta nasa. Ki danna na biyu, ki rubuta nasa. Haka har ƙarshe, sannan ki koma baya ki duba kowanne kafin ki aika. Jerin ƙananan hotunan nan na ƙasa shi ne jerin da za su fita da shi, kuma yana bin yadda kika zaɓe su ne, don haka tun wajen zaɓa ki bi lamba: 41, sannan 42, sannan 43. Bayanin ya fara da lambar, ya zama layi ɗaya ko biyu. Dogon bayani WhatsApp yakan datse shi ya ɓoye sauran, kuma ba kowa ke danna don ganin ragowar ba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daga farko har ƙarshe. A ce wata Hajiya a Daura za ta aurar da 'yarta, tana neman atamfar anko da leshin uwar amarya. Kin ware mata atamfa biyar da leshi biyu. Lambar ƙarshe a littafinki 40 ce, don haka atamfofin sun zama 41 zuwa 45, leshin kuma 46 da 47. Da kika shimfiɗa su sai kika lura 42 da 44 sun yi kama sosai, dukansu shuɗi ne da ratsin ruwan goro, bambancinsu a girman furen yake. Irin waɗannan tagwayen su ne suke jawo rigima, don haka kowannensu ki ƙara masa hoto na kusa. Leshin ma kowanne hoto biyu. In kin ƙirga, kaya bakwai ne amma hotuna goma sha ɗaya: 41, 42A, 42B, 43, 44A, 44B, 45, 46A, 46B, 47A, 47B.

Kafin hotunan, bayan gaisuwa, ki tura mata gajeren saƙo kamar haka: "Hajiya, ga kaya bakwai nan tafe, hotuna goma sha ɗaya. Kowanne da lambarsa a jiki, daga 41 zuwa 47. Don Allah in kin zaɓa ki faɗa mini lambar." Wannan saƙon yana yin aiki biyu. Ya koya mata yadda za ta amsa tun kafin ta fara kallo, kuma ya ba ta abin da za ta gane ko wani hoto ya ɓace a hanya. In goma ta gani, ta san akwai saura. In ta ga 43 sannan 45, ta san 44 ne bai iso ba, za ta tambaya. Da "na farko, na biyu" babu yadda za a yi ta gane akwai giɓi.

Sai hotunan su biyo, kowanne da layinsa. Kuɗin da zan sa na misali ne kawai. A ƙarƙashin 41: "41. Atamfa, turmi yadi shida, naira 15,000. Akwai turmi ashirin." A ƙarƙashin 42A: "42. Atamfa shuɗiya mai ƙananan furanni, naira 18,000. Akwai turmi takwas." A 42B kuwa "42 daga kusa" ya wadatar, kada ki maimaita kuɗin, don kada wata rana ki gyara ɗaya ki manta ɗaya. A 44A: "44. Atamfa shuɗiya mai manyan furanni, naira 18,000. Akwai turmi goma sha biyar. Ba ɗaya suke da 42 ba." Wannan jimlar ta ƙarshe ki rubuta ta ƙarara. Ke kin san sun bambanta domin suna gabanki, ita kuwa a fuskar waya take ganinsu, wataƙila a tsakar rana, hasken wayar a rage.

Bayan hoton ƙarshe ya nuna alamar ya tafi, sai ki tura saƙon tattarawa: kowace lamba a layinta, da irin kayan, da kuɗinsa, da adadin da ke akwai, layi bakwai. Wata za ta ce ai maimaici ne. Ba maimaici ba ne a wurin uwar biki, domin wannan saƙon shi za ta tura wa 'yan'uwanta, shi za ta kalla tana lissafi, ba sai ta yi ta hawa da sauka tsakanin hotuna ba. Ki jira hotunan su gama tafiya kafin ki tura shi, saboda rubutu ba shi da nauyi, yakan riga hoto isa, ya je ya tsaya a tsakiyarsu.

Yanzu ta amsa. Mu ce da saƙon murya ta amsa, kamar yadda yawancin iyayenmu suke yi: "Shuɗin nan nake so, mai furanni, turmi sha biyu." Ga tarkon nan, shuɗi mai furanni biyu ne. Kada ki yi hasashe, ko da zuciyarki ta ba ki wanda take nufi. Ki je kan hoton 44A, ki danna shi ki riƙe, ki zaɓi Reply, ko ki ja shi zuwa dama da yatsa. Hoton zai fito ƙarami a saman wurin rubutu. Ki rubuta ko ki yi murya: "Hajiya, wannan mai lamba 44, ko kuwa 42?" In hotunan sun dunƙule wuri ɗaya, ki fara buɗe dunƙulen, ki sauka kan wanda kike so, sannan ki danna ki riƙe, don amsar ta maƙale wa hoto guda. Adadin ma yana taimaka miki a nan: turmi sha biyu take so, 42 kuwa takwas ne kawai, kin ga akwai alamar 44 take nufi. Amma alama ba tabbaci ba ce, bakinta kike so ki ji.

Da ta ce 44, saura mataki ɗaya, kuma shi ne ba na yarda a tsallake shi ko da wa ake ciniki. Ki ɗauko kayan da kansu, ki jera turmi sha biyun, takardar 44 a kai, ki ɗauki sabon hoto, ki tura da rubutu: "44, turmi 12, kowanne naira 18,000, jimla naira 216,000, ban da kuɗin mota. In haka ne ki amsa mini kafin in kai tasha." Sai ta ce eh, sannan kaya su fita daga gida. In shadda ce ko yadi da ake yankawa, wannan tabbacin kafin almakashi ya taɓa shi ake nemansa, domin turmi yana iya dawowa daga Daura, amma yadin da aka yanka ya yanku.

Kada ki damu da cewa wasu kwastomominki ba su yi boko ba. Lamba kusan kowa yana karanta ta, wadda take danna lambar waya tana ƙirga kuɗi za ta karanta 44. Abin da za ki yi musu shi ne ki maye gurbin saƙon tattarawa da murya, kina kiran lambar a farkon kowane bayani: "Lamba arba'in da ɗaya, atamfa ce, dubu goma sha biyar." Kada ki ce "wannan" ko "wanda na turo yanzu" a cikin murya, domin murya ba ta nuna yatsa. Kuma ko kin yi murya, ki bar rubutun yana nan, saboda ranar da aka yi saɓani a kan kuɗi, rubutu ake iya dubawa da sauri.

Launi ma kada ki bari ya zama sunan kaya. Abin da ke kike kira ruwan hoda wata ja-ja za ta ce, makuba da ruwan ƙasa sukan haɗe a hoto, kuma wayoyi biyu ba sa nuna launi iri ɗaya. Ki ɗauki hotunan duka a wuri ɗaya, a inuwa mai haske kamar bakin ƙofa da hantsi, don bambancin da za a gani ya zama na kayan ne, ba na hasken ba. Sunan launi taimako ne ga lamba, ba madadinta ba.

In a zauren WhatsApp na kwastomomi kike turawa, duk abin da na faɗa ya ƙara zama dole, domin kina cikin turawa wata za ta jefo gaisuwa ko tambaya ko nata hoton a tsakiyar naki. Haka in a Status kike sawa: kowane hoto shi kaɗai yake tsayawa, bayan awa 24 kuma ya ɓace, ya bar ki da saƙon "nawa ne wannan?" ba tare da kin iya buɗe abin da ake nufi ba. Mai lamba a jiki kuwa, mai tambayar da kanta za ta ce "nawa ne 52?" Sannan idan ana tura hoto daga waya zuwa waya da Forward, mai turawa tana iya cire bayanin da ke ƙasansa, in kuma daga ma'ajiyar hotunanta ta ɗauko shi, babu bayanin tun asali. Lambar cikin hoton ce kaɗai take tsira daga duk wannan.

Kin ce saƙo ɗaya kike so. In ana nufin ɗaya na gaskiya, wanda hoto da rubutu ba za su taɓa rabuwa ko su sauya wuri ba, to PDF ne, wato takarda mai shafuka da ake buɗewa a waya, wadda tsarinta ba ya canzawa. Ki buɗe Google Docs ko Word a waya, ki rubuta lamba da bayanin kaya, ki sa hotonsa nan take a ƙarƙashi, ki bar kaya ɗaya ko biyu a kowane shafi, ki adana shi a matsayin PDF, ki tura ta zaɓin Document da ke wurin maƙala abu a WhatsApp. Doka ɗaya za ki riƙe a ciki: in kin fara sa rubutu a saman hoto, ki ci gaba da haka har ƙarshe. Rubutun da ya faɗo tsakanin hotuna biyu ba tare da tsari ba, ba a sanin na sama yake yi wa bayani ko na ƙasa, musamman in shafi ya yanke a tsakaninsu. PDF ya dace da babban ciniki, kamar kayan lefe ko anko na mutane da yawa, inda za a zauna a duba a yi shawara. Amma ga cinikin yau da kullum ban cika ba da shawararsa ba. Yana da nauyi, sai an sauke shi duka kafin a ga komai, ba a iya amsa wa hoto ɗaya a cikinsa, kuma in kaya ɗaya ya ƙare sai kin sake shirya shi gaba ɗaya.

Akwai kuma lokacin da za ki tura hotuna ta Document ko ta imel, misali ga mai buga miki talla da ke son hoto da cikakken kaifinsa. A nan sunan hoton yana tafiya da shi, don haka ki canza sunayen kafin ki tura:

```
041-atamfa.jpg
042A-atamfa.jpg
042B-atamfa.jpg
```

Sifirin da ke gaba yana da aiki. Wasu na'urori harafi-harafi suke jera suna, sai su sa 100 a gaban 41 saboda 1 ta riga 4. In duk lambobin tsawonsu ɗaya, jerin ba ya karyewa. A imel kuma hotunan da aka maƙala sukan taru a ƙarshen saƙo ne, nesa da rubutun, don haka a cikin rubutun ki kira kowanne da sunan nan nasa. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a saƙo ɗaya, hotuna masu cikakken nauyi kuwa 'yan kaɗan ma sun isa su cika wannan.

Game da yawa, WhatsApp yana barin a zaɓi har hoto 100 a turawa ɗaya, amma kada wannan ya ruɗe ki. Mai saye ba ta iya riƙe kaya talatin a ka. Ki tambaye ta abin da take nema da kuɗin da ta tanada, ki tura mata bakwai zuwa goma. In kayan iri-iri ne, ki raba su: atamfa su gama wucewa da saƙon tattarawarsu, sannan leshi su biyo da nasu.

Kafin ki fara da kwastoma, ki gwada a kanki. WhatsApp yana barin mutum ya tura wa lambarsa saƙo, sunanki yana fitowa a saman jerin mutane in kin danna fara sabuwar hira. Ki tura hotunan can da bayanansu, ki ga yadda suka sauka, domin fasalin manhajar yana ɗan sauyawa daga sabuntawa zuwa sabuntawa, kuma idonki ne zai nuna miki yadda taki take yi. In kuma bayan kin tura wa mai saye kika ga kuskure a kuɗi, akwai damar gyara rubutu da Edit cikin minti 15 na farko. Ko kin gyara, ki sake tura layi guda, "Gyara: 43 naira 16,000 ne", saboda mai yiwuwa ta riga ta karanta na farkon kuma ba za ta koma ta duba ba. In lambar da ke cikin hoton ce ba daidai ba, wannan ba ya gyaruwa. Ki goge hoton da Delete for everyone, ki gaya mata kin goge da dalili, ki tura sabo mai lambar daidai, sannan ki duba takardar da ke jikin turmin da abin da ke littafinki ki tabbatar duka ukun abu ɗaya suke faɗa.